Kuka uku, rubutu ɗaya: me ya sa abin da muke rubutawa ba ya nuna abin da muke furtawa?

Dalibar_Harshe:
Assalamu alaikum malamai. A dubi wannan jimla: "Da kuka ji kuka a gindin kuka, me kuka yi?" Duk Bahaushe zai karanta ta daidai, amma a baki kalmomi uku ne daban, a takarda kuwa haruffa huɗu ne iri ɗaya. Kullum ana ce mana Hausa yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, Turanci ne mai rikici. To ina gaskiyar wannan magana? Kuma idan ana son a rubuta bambancin yadda wanda bai taɓa jin Hausa ba zai furta daidai, yaya ake yi?

Malam_Tsarin_Sauti:
Wa alaikumus salam. Maganar da ake faɗa muku rabinta gaskiya ce. Ta fuskar baƙaƙe rubutun boko ya yi ƙoƙari ƙwarai, kusan kowane baƙi da harafinsa. Amma akwai abubuwa biyu manya da ya bar wa mai karatu ya cika da kansa, tsawon wasali da karin sauti, kuma su ne suka raba kalmominki uku.

Haruffan wasali biyar muke rubutawa, a, e, i, o, u, amma kowanne yana da dogo da gajere. Goma ke nan, ga kuma tagwaye biyu, ai da au. Karin sauti kuma uku ne a kan gaɓa: na sama, na ƙasa, da faɗau, wanda murya ke farawa sama ta sauko a cikin gaɓa ɗaya. Masu nazarin Hausa sukan ninka wasali don nuna tsawo, su ɗora ` a kan karin ƙasa, su ɗora ^ a kan faɗau, su bar na sama ba alama. Da haka jimlarki za ta zama:

dà kukà ji kuukaa à gìndin kuukàa

Na farko, wakilin suna, wasulansa duka gajeru ne, sama sannan ƙasa. Kukan hawaye duka dogaye ne, sama da sama. Itaciyar kuka ita ma dogaye ne, amma sama sannan ƙasa. Wato na farko da na uku karinsu ɗaya, tsawo ya raba su. Na biyu da na uku tsawonsu ɗaya, kari ya raba su.

Abban_Walid:
Ni a ganina laifin waya ne. Mutane ba sa saka ƙugiya, sai ka ga an rubuta "kasa" ba ka san ƙasa ake nufi ko kasa ba, an rubuta "da" a wurin ɗa. A sauke allon rubutu na Hausa, magana ta ƙare.

Hajiya_Mai_Alli:
Abban Walid, wannan wata matsalar ce daban. Wanda ya bar ƙugiya ya saɓa ƙa'idar rubutu ne, gyaransa a koya masa. Ita kuwa jimlar ɗalibar nan babu kuskure ko ɗaya a cikinta, ta bi ƙa'ida ɗari bisa ɗari, amma ba ta nuna furucin ba. Ko "kasa" ɗin da ka kawo, ba tare da ƙugiya ba ma kalmomi ne fiye da ɗaya: kaasàa ta gazawa, kasàa ta kasa tumatir a faifai, ga kuma kaasaa macijiya. Ƙugiya ba za ta raba waɗannan ba.

Abban_Walid:
Na karɓi gyara, Hajiya. Amma ai mahallin magana yana warwarewa. Wa zai karanta "miyar kuka" ya ɗauka hawaye ake nufi?

Malam_Tsarin_Sauti:
A sunaye haka ne, mahalli yakan wadatar. Inda abin ya fi tsanani a nahawu ne, domin a Hausa tsawo da kari suna ɗauke da lokacin aiki. Ɗauki "sai ya tafi":

sai ya tàfi, gajere da karin sama, labari ne, daga nan ya kama hanya.
sai yà tàfi, gajere da karin ƙasa, umarni ne ko shawara, abin da ya kamata ya yi.
sai yaa tàfi, dogo da karin sama, sharaɗi ne, kamar a ce ba za a raba abincin ba sai yaa tàfi.

Akwai ma na huɗu ba tare da "sai" ba, yâa tàfi, da faɗau, wato ana sa ran zai tafi wata rana. A nan mahalli yakan zo a makare. Mai karanta labarai a rediyo yana isa kan "ya" kafin idonsa ya kai ƙarshen jimlar, shi ya sa za ka ji ya karanta da wani kari, ya tsaya, ya koma baya ya sake. Ka kuma yi tunanin an rubuta bayanin shaida: "Na ce masa ya fita." Idan yà fìta ne, mai shaida shi ya kore shi. Idan yaa fìta ne, labari kawai ya ba wani cewa mutumin ba ya nan.

Zinder_Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu da muka tashi da Faransanci mun san ciwon ta ɗaya ɓangaren. A Hausa rubutu ɗaya ne furuci da yawa, a Faransanci furuci ɗaya ne rubutu da yawa. Kalmomin ver, vers, vert da verre, wato tsutsa, wajen, kore da kofin gilashi, duka /vɛʁ/ ake faɗa. Haruffan ƙarshen nan yawancinsu an taɓa furta su, baki ya yar da su, alƙalami ya riƙe.

Sannan ko tsakaninmu da ku rubutun bai zama ɗaya ba. Abin da kuke rubutawa 'ya'ya mu ƴaƴa muke rubutawa, da harafi mai ƙugiya, alhali sauti ɗaya ne.

Ticha_Oral_Gusau:
Tunda an taɓo harsunan Turai, bari in faɗi dalilin na Ingilishi, don ɗalibai kan ɗauka mugunta ce kawai. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44 a karin da ake koyarwa a makarantunmu, kuma kusan 20 daga ciki wasula ne. Tun daga nan an san harafi ɗaya zai yi aikin sauti da yawa.

Abu na biyu tarihi ne. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa a daidai lokacin da dogayen wasulan harshen ke sauyawa, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700. Kalmar time da can da doguwar /iː/ ake faɗarta, yau /taɪm/ ce, rubutun bai bi ta ba. Harafin k a knee da knife an taɓa furta shi. Harafin b a debt kuwa ba a taɓa furta shi ba a Ingilishi, masana ne suka cusa shi don a ga alaƙar kalmar da Latin.

Sakamakon shi ne irin though /ðəʊ/, through /θruː/, tough /tʌf/, cough /kɒf/, thought /θɔːt/. Haruffa huɗu iri ɗaya, wasula biyar daban. A jarrabawar furuci ta WAEC tarkon ke nan: a ba ɗalibi kalma, a ce ya zaɓi mai wasali irin nata, a ajiye masa wadda ta yi kama a ido. Wanda ya saba duba abin da ke tsakanin sanduna biyu a ƙamus ba ya faɗawa.

Dalibar_Harshe:
Na gode malamai. Amma Malam Tsarin Sauti, abin da ka rubuta da ninka wasali shi ne IPA ɗin? Don na ga na Ticha ya bambanta, akwai haruffan da ban sani ba.

Malam_Tsarin_Sauti:
A'a, nawa boko ne da aka yi wa ƙarin alamomi, dabara ce ta masu nazarin Hausa. IPA baƙaƙen furuci ne na duniya. Ƙungiyar da ta tsara su an kafa ta a Paris a 1886 ƙarƙashin jagorancin Paul Passy, malaman koyar da harsuna ne, kuma baƙaƙen sun fara fitowa a 1888. Ƙa'idarsu ita ce alama ɗaya sauti ɗaya, ko a wane harshe. Kowace alama tana faɗin inda aka yi sautin a baki, yadda iska ta fita, da ko tantanin maƙwallato ya kaɗa.

Wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe kaɗan ne. Harafinmu c a can [tʃ] ne, j ɗinmu [dʒ] ne, sh kuma [ʃ]. Wanda ya fi rikitarwa shi ne y, domin a IPA [j] ake rubuta shi, saboda haka yaro zai fara da [j]. Ƙ kuma [kʼ] ne, ɗan waƙafin saman yana nuna tunkuɗau, wato an rufe maƙwallato an tura shi sama ya tunkuɗo iskar. Ɓ da ɗ suna nan yadda muka san su. Tsawo ana nuna shi da ː bayan wasali, karin sama kuma ana sa masa alamarsa, ba a barinsa haka nan. Jimlarki:

[dà kʷúkà dʒí kʷúːkáː ʔà ɡʲìndíŋ kʷúːkàː]

Dubi abubuwa huɗu da suka fito waɗanda ko ninka wasali bai nuna ba. Ƙaramin w a kan k yana nuna leɓɓa sun kewaye tun kafin a iso u. Ƙaramin j a kan g yana nuna harshe ya matso ganɗa saboda i da ke biye. Akwai hamza kafin "a", domin babu kalmar Hausa da ke farawa da wasali tsirara a baki, mu dai ba ma rubuta ta sai a tsakiya kamar sa'a. Sai n ta ƙarshen gindin, wadda ta koma [ŋ] saboda k da ke gabanta a hanɗa ake yin ta.

Alaramma_Tsangaya:
Allah ya ƙara basira. Wannan na ƙarshe ai masu tajwidi sun daɗe da saninsa. Nunun da ke da ɗauri idan ta haɗu da ba, mimun take komawa, shi ne iƙlabi. Ana rubuta "min ba'di" ana karanta "mim ba'di", har a mus'hafai da yawa ana ɗora ƙaramar mimun don tunatar da mai karatu. Haka lamun ta "al" ba ta fita a gaban haruffan shamsiyya guda 14, a rubuta ta amma a karanta "ash-shamsu". Bahaushe ma haka bakinsa yake yi: ya rubuta "gidan Bala" ya ce "gidam Bala", ya rubuta "motar Sani" ya ce "motas Sani".

Kuma a yi wa ajami adalci. Yana nuna tsawon wasali da alif da wawun da ya, saboda haka garin da ake zama da garin tuwo ba su zama ɗaya a allo. Inda boko ya yi shiru ajami ya yi magana.

Hajiya_Mai_Alli:
Allah ya gafarta Malam, a kan tsawo gaskiyarka, gàrii da gàarii ajami ya raba su. Amma bai raba kuukaa da kuukàa ba, don ba shi da alamar kari. Haka wuyàa na jiki da wùyaa ta wahala. Sannan marubutan ajami ba su taru a kan hanya ɗaya ta rubuta wasu baƙaƙe irin su ɓ da ts da c ba. Kowane rubutu da inda ya yi rowa.

Alaramma_Tsangaya:
Haka ne, Malama. Ban ce ya cika ba. Sai dai ga mai auna waƙa tsawon nan shi ne komai, tunda karin waƙa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya. Baitin da aka juyo daga ajami zuwa boko ba tare da nuna tsawo ba, wanda bai ji an rera shi ba zai sha wuya kafin ya gane ma'auninsa.

Sabon_Jini_Kano:
To ni ban ga abin jayayya ba. Idan IPA ya fi daidai, a yar da boko mana, a koya wa yara shi tun daga aji ɗaya. Littafi da jarida duk a koma can, kowa ya huta.

Malam_Tsarin_Sauti:
Ƙanena, da an yi haka da an ɓata abin da rubutu yake yi mana. Furucin wa za a rubuta? Kalmar fari a bakin Bakano da [ɸ] take farawa, leɓɓa biyu ke matsowa ba tare da haƙori ba, wani ma har ya kai ta [p]. A Sakkwato da sassa da yawa na Nijar hwari ce. Harafin j a wurin wasu [dʒ] ne, a wurin wasu [ʒ]. Harafin ts wani [sʼ] yake yi, wani [tsʼ]. Rubutun yau da kullum yana haɗa waɗannan mutane duka a kan shafi ɗaya saboda bai bi diddigin bakin kowa ba.

Sannan yana riƙe kamannin kalma. Muna rubuta rago da ragon, ido ya gane abu ɗaya ne. A baki kuwa dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa, dole ya gajarce, kuma o idan ta gajarce a nan takan karkata zuwa a, har ka ji kamar "ragwan". Idan aka bi furuci, kalma ɗaya za ta riƙa sauya kama daga jimla zuwa jimla, gidan a nan, gidam a can, gidaŋ a gaba. Rubutun furuci kayan awo ne, wurinsa ƙamus, ajin koyon harshe, nazarin karin harshe da aikin masu gyaran magana.

Sabon_Jini_Kano:
Na ji wannan. Amma ko tsawon wasali kaɗai a ƙara. Ai mutane da kansu sun fara rubuta "yaa zo" da "naa gani" a waya, ba wanda ya koya musu.

Edita_Zariya:
Sun fara, amma duba yadda suke yi. Suna ninka wasalin da ya dame su ne kawai, su bar sauran. Idan aka mayar da shi doka, sai an ninka ko'ina, kuma yawancin sunayen Hausa da dogon wasali suke ƙarewa. "Yaro ya sayi rago a kasuwa" zai koma "yaaroo yaa sayi raagoo a kaasuwaa". Haruffa 21 sun zama 28 a jimla ɗaya, ka lissafa wannan a littafi mai shafi 200.

Abin da ya fi tsada ma shi ne wasalin ƙarshen kalma, don masu harshen kansu ba su cika jin tsawonsa da kunne ba sai an horar da su. Ga misali: doogoo siffa ce mai dogon wasali a ƙarshe, amma Doogo sunan mutum gajere ne. Gidaa suna ne, amma a "yana gida" gajere ne. Aikatau faaràa shi kaɗai dogo ne, da ya ɗauki karɓau sai ya gajarce, yaa faarà aikìi. Marubuci nawa ne zai riƙe wannan ba kuskure? Ni ra'ayina a bar rubutu yadda yake, edita ya sa alama a inda jimla za ta iya ɗaukar ma'ana biyu kawai, kamar dâa ta zamanin da da dàa ta sharaɗi.

Hajiya_Mai_Alli:
Edita, a littafin manya na yarda. A littafin aji ɗaya da biyu ban yarda ba. Babba yana hango ƙarshen jimla ya dawo, yaro kuwa gaɓa-gaɓa yake haɗawa. Ya haɗa "fa" da "ra", to wace fara ce, faraa ta launi, fàaraa ta gona, ko faaràa aiki? Sai ya yi canke. Larabawa suna sa wa yara wasula a littafin farko su cire daga baya, ban ga abin da zai hana mu yin irinsa da tsawo ba.

Edita_Zariya:
Sai dai yaron zai koyi kamannin kalma biyu ke nan, na aji biyu da na aji huɗu. Ban gamsu cewa ribar ta fi wahalar ba. Mu bar shi a buɗe.

Injiniya_Sauti:
Bari in koma kan tambayar farko, yadda ake yin rubutun a aikace, don ana iya sanin alamomin duka a kasa jin abin da za a rubuta.

A fara da ɗaukar murya a ɗaki marar amsa-kuwwa, makirfo kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don iskar baƙaƙe kada ta buge shi. A ajiye a WAV, 44100 Hz, layi ɗaya. Kada a ba mai magana jerin kalmomi ya karanta, domin murya takan faɗi a kan ta ƙarshe ka ɗauka karin ƙasa ne. A sa kowace kalma cikin jimla iri ɗaya, kamar "ya ce ___ sau uku", a maimaita sau uku.

Tsawo ake fara warwarewa kafin kari. A tsakiyar kalma abu ne mai sauƙi, dogon yakan kai kusan ninkin gajeren, kuma gajeren a ba ya buɗe baki sosai, yakan kusanci [ə]. A ƙarshen kalma kuwa, idan aka tsaya, gajeren wasali yakan yanke da 'yar hamza, dogon ya saki a hankali. Faɗi Doogo ka tsaya, sannan doogoo ka tsaya, za ka ji maƙogwaro ya rufe a na farko.

Kari kuma a rufe baki a yi gunjin kalmar ta hanci, ko a yi ta da fito, baƙaƙe su fita daga hanya. Wanda ke son gani da ido ya buɗe fayil ɗin a Praat, manhaja ce ta kyauta daga Amsterdam: Open, Read from file, sannan View & Edit, layin shuɗi shi ne tashi da saukar murya. A daidaita iyakarsa, wajen 75 zuwa 300 Hz ga namiji, 100 zuwa 500 ga mace. Idan ba a yi ba layin yakan yi tsalle ya ninka ko ya rabe biyu, ka ga hawan da babu shi a maganar.

Dalibar_Harshe:
Injiniya, an gwada wannan da jimlar kukan. Layin ya nuna kuu ta itaciyar kuka a ƙasa da kuu ta kukan hawaye sosai, alhali Malam ya ce duka karin sama ne. Kuskuren na'ura ne ko na mai faɗa?

Injiniya_Sauti:
Babu kuskure ko ɗaya, haka Hausa take. Duk lokacin da karin ƙasa ya gitta, karin saman da ke biye ba ya komawa inda na baya ya kai, yakan tsaya ƙasa kaɗan. A jimlar akwai ƙasa a kà, akwai a à da gì, saboda haka kafin a iso itaciyar an sauko matakala biyu. A doguwar jimla karin sama na ƙarshe yana iya zama ƙasa da karin ƙasa na farko. Shi ya sa ba a auna kari da adadin Hz, ana kwatanta gaɓa ne da maƙwabciyarta. Tambayar kullum ita ce, ta fi wadda ke gefenta tashi ko ba ta fi ba? Gibin da kike gani a layin kuma wurin k ne, ba ta da ziza, babu abin da na'ura za ta auna.

Akwai gwaji mai sauƙi na kama kuskure: faɗau ba ya sauka sai a gaɓa mai nauyi, mai dogon wasali ko tagwai ko rufaffiya, kamar kâi na jiki ko nân. In kika ga kin sa ^ a kan gaɓa irin "ka" gajera, to ko tsawon kika ɓata ko karin.

Bature_Mai_Koyo:
Sannunku malamai. Ina koyon Hausa. A ƙamus na ga wani r da alama a kansa, wani babu. A jarida duka ɗaya ne. Dole ne in bambanta su?

Malam_Tsarin_Sauti:
Sannu da ƙoƙari. Sautuka biyu ne da harafi ɗaya. Ra-kaɗe [ɽ], ana lanƙwasa kan harshe baya a kaɗo shi gaba sau ɗaya, ita ce a rana da ruwa. Ra-gare [r], kan harshe yana bugun hanƙa ko ya yi karkarwa a wurin, ita ce mai alamar a ƙamus, r̃, kuma ita ta fi yawa a kalmomin aro irin su rediyo da riba. Kalmomin da su kaɗai suka raba kaɗan ne. Sanannen misali shi ne baràa mai yi wa wani hidima, da ra-kaɗe, da bar̃àa ta almajiri, da ra-gare. Bàara ta shekarar da ta wuce kuma tsawo da kari ne suka fitar da ita. In ka haɗa su za a gane ka, sai dai a ji baƙunci a bakinka. Ka fi ba tsawo da kari ƙarfi.

Amma ka kula da wani tarko a ƙamus. Da yawa suna nuna tsawo da 'yar sanda a kwance a kan wasali, ā. A IPA wannan alamar ba tsawo take nufi ba, karin tsakiya take nufi, irin na Yarbanci, wanda Hausa ba ta da shi. Kafin ka yi aiki da kowane ƙamus karanta shafin farko inda aka bayyana alamomi.

Ticha_Oral_Gusau:
Ƙari a kan sanduna da baka, don na ga ana cakuɗa su a sama. Sanduna biyu / / na ƙwayoyin sauti ne, waɗanda in an sauya ɗaya ma'ana ta sauya. Baka mai kusurwa [ ] na abin da ya fito daga baki ne. Gindin a sanduna /ɡìndin/ ce da n, a baka kuma [ŋ] ta bayyana. Ga mai koyo na farkon yakan isa, ga mai kwatanta Sakkwatanci da Kananci sai na biyun.

Kuma kada a ɗauka ganin alama shi ne iya furtawa. Ɗalibi zai haddace cewa think da /θ/ take farawa ya ci jarrabawa, ya fito yana cewa "sink", don ba a taɓa nuna masa ya sa kan harshe a haƙoran sama ya hura ba. Haka pan da fan, tunda p da f ƙwayar sauti ɗaya ce a Hausa, kunnensa bai saba raba su ba. Alamar tana gaya maka inda za ka kai harshenka ne, kaiwar sai da atisaye da madubi.

Abban_Walid:
To na dawo da maganar wayata, yanzu da hujja. Ta yaya ake buga waɗannan alamomi? Na kwafo na Malam sai wasu suka zama akwatuna.

Injiniya_Sauti:
Akwatin yana nufin salon haruffan da ke na'urarka ba shi da alamar. A kwamfuta a saka Charis SIL ko Doulos SIL, kyauta ne kuma an yi su don wannan aiki. A waya Gboard yana da allon IPA a cikin jerin harsuna. A Word kuma a rubuta lambar a danna Alt da X:

```
02D0  ː
0300  karin ƙasa
0301  karin sama
0302  faɗau
014B  ŋ
027D  ɽ
0294  ʔ
```

Na kari ukun ana buga su ne bayan wasalin, su hau kansa, sai dai in wasalin a ne ko e, Word yakan haɗa shi da lambar ya fitar da wani harafi daban. Maganinsa a rubuta lambar a zaɓe ta ita kaɗai sannan a danna. Kada kuma a yi amfani da ruwa biyu na rubutu a madadin ː, a ido sun yi kama, amma in an zo bincike a cikin fayil ba za a same su tare ba.

Zinder_Damagaram:
Malam Tsarin Sauti, akwai abin da bai kwanta mini ba. Ka rubuta [dʒí] a jimlar kamar ita ce furucin Hausa, alhali a nan [ʒí] za ka ji a bakin mutane da yawa. Idan ƙamus ya sa furuci ɗaya tak, ashe ya mayar da na Kano doka ke nan, ya yi abin da ka ce rubutun boko ya kauce masa.

Malam_Tsarin_Sauti:
Ƙorafinka a kan hanya yake. Ya kamata in rubuta a gefe cewa bakin Kano na bi, kuma duk rubutun da ke cikin baka mai kusurwa ya kamata ya zo da garin mai maganar. A ƙamus za a iya sa /dʒ/ a yi bayani sau ɗaya a gaba cewa a wasu wurare [ʒ] ce. Inda wannan dabara ba ta isa ba shi ne wurin da kalmar kanta ta sauya, kamar biki da buki, ko zamna da zauna. Nan sai an jera su biyun.

Dalibar_Harshe:
Allah ya saka da alheri. Na gwada ragowar jimlar da kaina, "me kuka yi": [mèː kʷúkà jí]. A duba mini, musamman mèː, don ina jin kamar muryar tana ɗan tashi a ƙarshe tunda tambaya ce.

Hajiya_Mai_Alli:
Mèː daidai ne, dogo da karin ƙasa. Abin da kike ji a ƙarshe a kan "yi" yake, ba a kan "me" ba. Ɗauki muryar sau biyu, ɗaya "me kuka yi?" ɗaya "abin da kuka yi", ki turo hoton layin duka biyun mu gani ko wasalin ya ƙara tsawo a tambayar.